Magatakarda Ya Rubuta wa Gidan Motsa Jiki

Babu wata hukuma, ko kamfani, ko ma'aikata a bayan ƙasa da za ta iya ja da wasiƙar da aka rubuta yadda ya kamata. Ɗan aike yakan manta, lauya yakan ci kuɗinka ya nemi a ɗage zama, amma takarda mai kwanan wata a sama, da lamba a gefe, da sa hannu a ƙasa, ba ta mantuwa, ba ta gajiya, kuma ba ta dawowa hannu Rabbana. Wannan ita ce gaskiyar da Magatakarda ya gano cikin shekara talatin da huɗu a ofishin rajista na wata babbar ma'aikata, kuma bai taɓa yi wa kowa rowarta ba. Matarsa Malama, wadda ke koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, ta ji wannan karatu har takan yanka albasa daidai da hawa da saukar jimlolinsa.

Ba ta taɓa musa masa ba, kuma tana da dalili. Ta ga abin da wata shidan farko na ritaya suka yi wa mutumin nan. Ya rame, ya daina aske gemu, sannan ya tare mata a kicin. Ya manna wa gwangwanayen kayan ƙamshi lambobi. Ya buɗe rajistar cokula. Wata rana ya tsare ta da tambayar yadda aka yi kwalin ashana ya ƙare cikin kwana tara, alhali na baya ya yi sha ɗaya. Tana dab da neman makarantar da ke da ɗakin kwanan malamai, sai Allah ya jefo wani maƙwabci da hukumar ruwa ta aiko wa takardar kuɗin ruwan da bai taɓa ɗigowa a famfonsa ba. Magatakarda ya sauko da tsohuwar tafiretar da ya saya ranar da ofishinsu ya yi gwanjon kaya, ya hure mata ƙura, ya kafa tebur a baranda. Tun daga ranar ya koma mutum. Masu neman fansho, masu rigima da mai gidan haya, duk suka riƙa zuwa, ba ya karɓar ko sisi. Malama ta samu kicin ɗinta, ta ɓamɓare lambobin a hankali, ɗaya ɗaya, don kada a lura.

Sai dai layin baranda ya fara gajarta. Yanzu kowa da wayarsa.

Maganar gidan motsa jiki kuwa daga likita ta fito. Ya auna jinin Magatakarda, ya dubi cikinsa, ya ce ko ya fara gumi ko ya fara rubuta wasiyya. 'Yarsu Auta, wadda ke aiki a banki, ta ɗauke shi a mota ta kai shi wani gidan motsa jiki, jim a bakin 'yan zamani, mai gilasai daga sama har ƙasa, reshen wani kamfani da ke da rassa barkatai. Ta ciro katinta za ta biya, ya ture hannunta.

“Ba a haifi 'yar da za ta biya min kuɗin gumina ba,” in ji shi. Ya miƙa nasa katin bankin, aka nuna masa wurare uku, ya sa hannu a duka ukun.

Sau uku ya je. A na ukun ya sauko daga injin gudu, ya gaya wa saurayin da ke koyar da su cewa ya gode, ba zai ƙara dawowa ba. Saurayin ya ce to Baba, Allah ya ƙara lafiya. A wurin Magatakarda magana ta ƙare ke nan.

Ba ya karanta saƙon banki a waya, don a ganinsa abin da ba shi da hatimi jita-jita ne. Sai da ya je da ƙafarsa ya karɓo bayanin asusunsa a takarda, ya zauna da rula yana bin layi layi, sannan ya ga abin. Ranar ɗaya ga kowane wata, gidan motsa jiki yana zarar kuɗin wata daga asusunsa, kuɗin da ya kai na wutar gidan da na gas a haɗe. Sau biyar ke nan.

Ranar Asabar ce, ana cin abincin rana. Auta ta zo, haka ma ƙanin Malama, wanda ke da shagon sayar da wayoyi, kowa Mai Waya yake ce masa. Tun yana ɗan makaranta yake tsokanar mijin yayarsa, kuma furfura ba ta rage masa komai ba.

“Sata ce da rana tsaka,” in ji Magatakarda, yana buga takardar a kan tebur. “Na je sau uku, na biya sau biyar.”

“Baba, ai na faɗa maka yarjejeniya ce ta shekara,” Auta ta ce. “Kai ka ba su izinin cire kuɗin kowane wata. Ko ka je ko ba ka je ba, kwamfuta ba ta sani ba.”

“Na sallame su da bakina.”

“Wa ka faɗa wa?”

“Wani yaro mai damatsa kamar an cusa masa filo.”

“To shi ƙarfe yake ɗagawa, Baba, ba ya taɓa rajista. Zan iya toshe musu katin ranar Litinin, amma wannan ba ya kashe yarjejeniya. Bashi zai yi ta taruwa, ƙarshe su haɗa ka da masu karɓar bashi.”

“Ban shiga ta taga ba, ba zan fita ta taga ba. Wasiƙa zan rubuta. Su daina taɓa min asusu, su kuma dawo min da kuɗin watan ƙarshe. Huɗun farko na yafe, sakacina ne. Ni mai adalci ne.”

Mai Waya ya goge baki ya ɗago wata sabuwar waya. “Ranka ya daɗe, ka bar wahala. Yarinyar nan za ta rubuta maka cikin minti ɗaya, kuma ba ta buƙatar a sa mata man keke kamar waccan kakar taka ta baranda.”

“Wayarka ta san bambancin ‘ina roƙo’ da ‘ina umarni’?”

“Ta san wanda ake amsawa.”

Malama ta ga jijiyar wuyan mijinta ta tashi, ta yi sauri ta tura masa kwanon miya, amma ta makara.

“Ku zama shaida,” ya ce, yana ɗaga yatsa. “Daga yau zuwa ƙarshen watan gobe. In wasiƙata ɗaya tak ba ta tsayar da su ba, ba ta dawo min da kuɗina ba, ka zo ka ɗauki tafiretar. Na ajiye rubutu har abada.”

“Wallahi na karɓa. A gilashin shago zan sa ta, in rubuta a ƙasa, ‘Haka kakanninku suka sha wuya.’”

Auta ta yi dariya har ta ƙware. Malama ba ta yi ba. Ta juya ta dubi ƙofar kicin ɗinta, kamar mai kallon ƙasar da ake shirin mamayewa karo na biyu.

Wasiƙar ta ci kwana tara. A tsarin Magatakarda ba a aika takarda ranar da aka rubuta ta, sai ta kwana a fayil ta huce, da safe a karanta ta da idon abokin gaba, a gyara, a sake bugawa, ta sake kwana. Kullum Malama ta dawo daga makaranta tun daga bakin layi take jin ƙarar tafireta, kwas-kwas-kwas, ƙararrawa ta ce tin. A rana ta tara ya zaunar da ita a falo, ya gyara tabarau, ya karanta mata a tsaye.

Shafi huɗu ce. Shafin farko tarihin aikinsa ne, daga ƙaramin akawu zuwa shugaban rajista, don mai karatu ya san da wa yake magana. Na biyu bayanin abin da ya gani a jim. “Na hau wani inji,” in ji wasiƙar, “na yi tafiyar minti goma sha biyu cikin azama da kyakkyawar niyya, na sauko a daidai inda na hau. A iya sanina, duk wanda ya karɓi kuɗin mota a kan irin wannan tafiya, hukuma tana da sunan da take kiransa.” Shafi na uku ya yi magana a kan amana tsakanin mai saye da mai sayarwa tun zamanin da. Sai a tsakiyar shafi na huɗu, bayan doguwar shimfiɗa, aka iso wurin da ya ce a dakatar da cirar kuɗi daga asusunsa nan take, a kuma mayar masa da na watan ƙarshe cikin kwana goma sha huɗu.

“Ta yi kyau, Maigida,” in ji Malama, kuma ba ƙarya ta yi ba. “Ka sa lambarka ta jim?”

“Na sa lambar wasiƙa. Ga ta nan a sama.”

“Wannan ai taka ce, kai ka ƙirƙira. Ina nufin wadda ke jikin ɗan katin da suka ba ka.”

“Malama, mutum ne ya rubuta musu, ba lamba ba.”

“To ko ka duba takardar yarjejeniyar, ka ga wa suka ce a kai wa?”

Ya dube ta ta saman tabarau, irin kallon da yake yi wa sababbin masinjoji. “Shekara talatin da huɗu ina rubuta sharuɗɗa. Na san abin da ke cikin kowace yarjejeniya ba sai na buɗe ta ba. Kuma mai matsayina ba ya rubuta wa 'yan kanta. Shugaban kamfani zan aika wa, a hedikwata.”

Washegari ya sa babbar riga ya tafi gidan waya, ya aika ta da rajista, ya dawo da rasit ya huda shi ya sa a fayil. Bayan kwana shida, ranar ɗaya ga wata, wayarsa ta yi ƙara a kan teburin cin abinci. Malama ta leƙa. An cire na shida.

“Wasiƙa tana hanya,” ya ce da ta faɗa masa. “Manyan kamfanoni sai an yi zama a kanta.” Amma ya bar shayinsa ya huce. Da yamma wata tsohuwa ta zo a rubuta mata takardar neman haƙƙin mijinta, ya ce ta dawo wani satin. Malama ta shiga kicin ta tarar da shi tsaye yana juya kwalin ashana a hannu, yana leƙa ciki.

Ta jira ya tafi masallaci, ta buɗe fayil ɗin, ta zaro yarjejeniyar, wadda har yanzu ninkin farko ne a jikinta. Ta karanta ta kamar takardar jarrabawa, da jan biro a hannu. Sashe na tara ya faɗi komai ba kwana-kwana. Mai son fita ya rubuta wa reshen da ya yi rajista, da lambarsa, ya ba da sanarwar kwana talatin. A cikin wata goma sha biyun farko ba a fita, sai da takardar likita cewa mutum ba zai iya motsa jiki ba, ko shaidar ya tashi daga garin. Kuɗin da aka riga aka cira ba a mayarwa. Ta lissafa. Wasiƙar mijinta ta faɗi a wuri huɗu, kuma ko da ta ci dukkan huɗun, amsar a'a ce. Sai can ƙasa, da ƙananan haruffa, ta ga wani layi ta ja masa jan biro sau biyu.

Ranar uku ga wata, daga makaranta ta wuce jim ɗin. Ƙofar gilashi ta buɗe da kanta, sanyin na'ura da warin roba suka tare ta, kiɗa na dukan ƙirji. Mutane a jere suna gudu ba sa zuwa ko'ina, kamar yadda mijinta ya rubuta. Aka kai ta wani ɗan ofis bayan kanta, inda Manaja take, wata mace da ba ta wuce sa'ar Auta ba, da kwalbar ruwa mai tsawon hannu a gabanta.

Malama ta ajiye ɗan katin mijinta. “Na zo ne a kan wata wasiƙa mai shafi huɗu.”

Manaja ta dafe ƙirji. “Mama! Mijinki ne? Hedikwata sun turo mana hotonta ta imel, suka ce ko namu ne. Ba lamba, kuma masu irin sunansa sun fi goma a kwamfuta. Wallahi duk mun karanta. Mai koyar da ɗaga ƙarfe ya haddace wurin injin nan, kullum sai ya karanta wa masu gudu.”

“Allah ya amfana. Za ku dawo masa da kuɗin?”

“Ai ko ina so, kwamfuta ba za ta bar ni ba. Yana wata na shida, saura shida. Sai dai in zai kawo takardar likita.”

“Likitan ne ya turo shi.”

“To ko zai tashi daga gari?”

“Mutumin da ba ya yarda a matsar masa da kujera?” Malama ta buɗe yarjejeniyar ta juya mata, ta ɗora yatsa a kan jan layin. “Wannan fa? An ce mutum zai iya sauya wa wani na gidansu ragowar watanninsa.”

Manaja ta sunkuya ta karanta, kamar yau ta fara ganinsa. “Akwai shi. Akwai ɗan kuɗin sauyi, kuma sabon mai shiga zai sa katinsa.”

“In sabon ya karɓa tun daga ɗaya ga watan nan, ya biya watan da kansa, kuɗin da kuka cire wa tsohon shekaranjiya na wa ke nan?”

Manaja ta danna kwamfuta. “Bai shigo ba ko sau ɗaya a watan nan. In an biya watan sau biyu, dole a mayar da ɗaya, kuma katin da aka cira ake mayar wa. Kwana biyar zuwa goma na aiki.” Ta ɗago. “Mama, lauya ce ke?”

“Lissafi nake koyarwa, aji uku.”

“To wa zai karɓa? 'Yarku?”

Malama ta ciro katin bankinta daga cikin jaka, daga aljihun da take ɓoye shi bayan katin asibiti. Wata bakwai, da kuɗin sauyi. Ta riga ta yi lissafin a motar haya, kuma ya zo daidai da sabuwar firijin da take tara wa kuɗi tun bara, har da ɗan canji. Tsohuwar firijin tana gurnani kamar mai ciwon haƙori, amma ba ta taɓa buɗe rajistar cokula ba.

“Ni,” ta ce.

“Muna da lokacin mata zalla, Talata da Alhamis, huɗu zuwa shida.”

“Ban tambaye ki ba. Bayan wata sha biyun me zai faru?”

“Zai ci gaba da kansa wata-wata, sai in an rubuto.”

“Ba ni takarda.”

A tsaye ta rubuta, a gefen tebur. Kwanan wata, sunan reshe, lambar rajista. “Ina sanar da ku cewa wannan rajista za ta ƙare ranar da wata goma sha biyunta suka cika. Kada a sabunta ta, kada a ƙara cire kuɗi daga katina bayan wannan rana. A ba ni shaidar karɓa.” Layi uku da rabi. Ta sa hannu, ta sa Manaja ta yi mata kwafi, ta buga hatimi da kwanan wata a kai.

“Saura abu ɗaya,” in ji Manaja, tana zaro fom daga durowa. “Sai Baba ya sa hannu a nan, cewa ya sauya miki. Ba zan iya ba sai da shi. Kuma in ya karanta, ai kin ga...”

“Kina da fensir?”

Malama ta yi ɗan gicciye a gefen layin ƙasa. Shekara talatin da huɗu ƙananan ma'aikata suna kawo wa mijinta fayil da irin wannan alama, kuma bai taɓa duba abin da ke samanta ba. A wurinsa gicciyen fensir yana nufin wani ya riga ya karanta, saura babba ya albarkaci takarda. Haka ya sa hannu a yarjejeniyar jim ɗin, haka ya sa hannu a takardun makarantar yaransu kaf.

“Kuma amsar da za ki ba shi,” ta ce, “a takarda mai tambarin kamfani, da hatimi. Kada ki rubuta ƙarya ko ɗaya. An rufe rajistarsa, ba za a ƙara taɓa asusunsa ba, an mayar masa da cirar ƙarshe. Ki dai fara da cewa dangane da wasiƙarsa mai lamba kaza.”

“Ai mun same ta.”

“Shi ya sa na ce ba ƙarya.”

Da ta koma gida ta sami Magatakarda a baranda, tafireta a rufe da mayafinta, shi kuma yana kallon titi. Ta ajiye masa fom ɗin a cikin fayil mai igiya, ta buɗe daidai shafin ƙarshe.

“Na bi ta jim ɗin nan, Maigida. Hedikwata ta turo musu wasiƙarka. Manaja ta ce duk ma'aikata sun karanta, wani har ya haddace.”

Ya miƙe zaune. “Ya haddace?”

“Shafi na biyu. Sun ce ka sa hannu a nan, su rufe maka fayil.”

Ya gyara tabarau kamar zai karanta. Amma alƙalaminsa kawai yake nema. Ya cire murfin, ya gwada bakin a gefen jarida, idonsa ya sauka kan gicciyen kamar tsuntsu a kan reshen da ya saba, ya ja dogon sa hannun nan mai wutsiya biyu.

“Kin gani ko, Malama? Da kin so in tsaya neman wata lamba.”

“Na gani, Maigida.”

Amsar ta zo ranar Juma'a cikin farin ambulan. Kuɗin ya shiga ranar Laraba ta sama, kuma a karon farko a rayuwarsa Magatakarda ya yarda da saƙon waya, ko da yake sai da ya je banki aka buga masa a takarda. Malama ta lura cewa kuɗin wata na biyar ya nema, na shida aka mayar masa, wato ya biya wata biyar cur a kan tafiya uku zuwa babu ko'ina. Ba ta ga amfanin kawo lissafi cikin biki ba.

Ranar Asabar Mai Waya ya zo da kwali, har da tsumman da zai naɗe tafireta. Aka zaunar da shi, aka karanta masa amsar sau biyu a tsaye.

“Ban yarda ba,” ya ce, yana ɗaga takardar yana duba hatimin a hasken taga. “Mutanen nan ko uwarsu ba sa mayar wa kuɗi. Yaya, ke kin yarda?”

“Ga hatimi kana gani,” in ji Malama. “Ka bar kwalin, ina da amfani da shi.”

Sai da suka shiga kicin wanke kwanoni Auta ta tare ta. “Mama, a banki nake aiki. Na san abin da ake mayarwa da wanda ba a mayarwa. Ina maganar firiji?”

“Wannan ma tana sanyi. Miƙo min soso.”

Labari ya zaga unguwa cewa Magatakarda ya sa kamfani mai rassa barkatai ya amayo kuɗi da wasiƙa ɗaya. Layin baranda ya dawo har ya kai bakin ƙofa, aka ƙaro benci daga maƙwabta. Tsohuwar nan ta samu takardarta, shafi biyar. Ba wanda ya ƙara taɓa kwalin ashana.

Malama kuwa ba ta iya ganin abin da ta biya yana lalacewa. Ta sayi takalmin roba ta ajiye a durowar ofishinta na makaranta. Talata da Alhamis takan dawo gida bayan shida, kuma mijinta bai taɓa tambaya ba, don a lokacin yana tsakiyar sakin layi. Ta tarar cewa tafiyar da ba ta kai mutum ko'ina tana da nata daɗin, musamman in babu mai yi maka bayani a hanya.

Ranar ɗaya ga wata, da safe, suna shan shayi a baranda, mutum biyu har sun zauna a benci suna jira. Magatakarda ya dube ta sama da ƙasa.

“Kwanan nan kin yi wani fes, Malama. Tafiyarki ma ta canza.” Ya juya ga masu jira. “Kun gani? Ba jim, ba inji, ba ta ba ɓarayin nan ko sisi ba. Na sha faɗa, lafiya ba a saye take ba.”

Wayarta ta yi ɗan kuka a gefen faranti. Ta duba, ta kife ta, ta ƙara masa sukari rabin cokali, iyakar abin da likita ya yarda.